Rubutun Excel yana fita dishi-dishi a bidiyon darasi, ga fayil kuma da nauyi

Malam Hamadu (Garwa):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyar da matasa aikin Excel a wata ƙaramar cibiyar kwamfuta a nan Garwa, kuma na fara ɗaukar darussan a bidiyo da OBS Studio domin waɗanda ba sa samun zuwa kullum su riƙa bi ta waya. Darasin farko na minti 12 ne, a kan yadda ake haɗa lissafin shago da `SUM` da `IF`. Fayil ɗin ya fito da nauyin megabayit kusan 240, amma duk da wannan nauyi lambobin da ke cikin gidajen teburin ba sa karantuwa sosai, har wani ɗalibi ya ce mini ba ya iya bambance 3 da 8. Laftof ɗina tsohuwa ce, Core i5 mai ƙwaƙwalwa gigabayit 8, allonta kuma 1366x768. Ban taɓa komai a cikin saitin ba tun da na saka manhajar, in ban da nau'in fayil. Ina neman shawara a kan bitiret, wato yawan bayanan da bidiyo ke ci a kowace daƙiƙa, da enkoda mai matse bidiyon, da nau'in fayil da ya dace da irin wannan aiki.

Bashiru (Kusiri):
Wa alaikumus salam Malam. Bitiret ɗinka ne ya yi kaɗan. Ka shiga `Output` ka mayar da shi 6000, ka bar shi a `CBR`, ka sa `Keyframe Interval` a kan 2, ka kuma ɗaga firem zuwa 60 a daƙiƙa. Da wannan saitin nake watsa wasannin ƙwallo na kwamfuta kai tsaye, kuma babu wanda ya taɓa yi mini ƙorafin hoto.

Malama Zainabu (Marwa):
Bashiru, ina ganin Malam Hamadu ba watsa shiri kai tsaye yake nufi ba, ɗauka yake yi ya ajiye sannan ya tura wa ɗalibai. Idan ya bi lissafinka, darasin minti 12 zai haura megabayit 500, alhali ɗaliban nan da yawansu data ta ɗari biyar ta sefa suke saya. Wanda zai sauke wannan fayil sai ya haƙura da sauran darussan makon.

Injiniya Usmanu (Ngaundere):
Malam Hamadu, barka da ƙoƙari. Kafin a taɓa bitiret, ina roƙonka ka buɗe `Settings`, ka shiga `Video`, ka karanto mana abin da ke rubuce a layuka biyu na farko, wato `Base (Canvas) Resolution` da `Output (Scaled) Resolution`. Daga nan ka koma `Output` ka faɗa mana abin da ke gaban `Recording Quality` da `Recording Format`. Idan manhajarka da Faransanci take, `Paramètres` da `Sortie` za ka gani, amma jerin layukan bai canza ba.

Malam Hamadu (Garwa):
Injiniya, na duba. Na farko 1366x768 ne, na biyu kuma 1092x614. A `Recording Quality` an rubuta `Same as stream`, bitiret ɗin bidiyo 2500, na sauti 160. Nau'in fayil kuwa ni na zaɓi `mp4` da hannuna a ranar da zan fara ɗauka, domin shi ne na san wayoyi suna buɗewa.

Injiniya Usmanu (Ngaundere):
To, matsalolinka biyu ne, kuma kowace da nata dalilin, shi ya sa ƙara bitiret ba zai warware ko ɗaya ba.

Dishi-dishin rubutu daga wannan 1092x614 ya fito. OBS yana ɗaukar allonka mai faɗin fiksel 1366, ya matse shi zuwa 1092 tun kafin hoton ya isa wurin enkoda. A bidiyon fuskar mutum ko na filin ƙwallo ba za ka lura da wannan ragi ba, amma haruffan Excel a girmansu na asali sirara ne ƙwarai, sandar harafi ɗaya ba ta wuce faɗin fiksel ɗaya ko biyu ba. Idan aka matse fiksel biyar suka koma huɗu, baƙar sandar nan sai ta cuɗanya da farin da ke gefenta ta zama toka-toka, ƙaramar kafar da ta raba 3 da 8 kuma ta toshe. Abin da aka rasa a wannan mataki ya tafi, ko da za ka ba enkoda bitiret 20000, iyakarsa ya adana maka dishi-dishin da aka miƙa masa ba tare da ya ƙara lalata shi ba. Hanyar gane wannan mai sauƙi ce: ka tsayar da bidiyon a wurin da babu abin da ke motsi a allo, ka duba rubutun. Idan a tsayen ma bai fito sarai ba, kuma haka yake daga farkon bidiyo har ƙarshe, to ragin girma ne. Idan kuwa yana fita tas a tsaye, sai lokacin da ka gangara da shafi ne yake farfashewa zuwa ƙananan murabba'ai sannan ya dawo daidai bayan daƙiƙa ɗaya, wannan ne ƙarancin bitiret.

Nauyin fayil kuma daga `Same as stream` yake. Wannan zaɓi yana sa ɗaukarka ta bi tsarin watsa shiri kai tsaye, inda ake amfani da `CBR`, wato a kowace daƙiƙa sai an kashe kilobit 2500 ko allon yana motsi ko ba ya yi. Lissafin a fili yake: 2500 sau 60, a raba da 8, ya ba da megabayit kusan 19 a minti, minti 12 kuma megabayit 225, sautin 160 ya ƙara kamar 14, ga 240 ɗinka nan. Amma a darasin Excel yawancin lokaci kana magana ne allon yana tsaye, kibiyar linzami kaɗai ke yawo, don haka babu sabon abin da za a rubuta, sai enkoda ya cike gurbin da ciko marar amfani domin ya cika adadin da aka ɗora masa. Kamar wanda ya yi shatar babbar mota ne kullum, ko buhu ɗaya zai kai kasuwa ko buhu ɗari. Bashiru yana da gaskiya a nasa fagen, domin sabar da ke karɓar shiri kai tsaye tana son ya riƙa zuwa a ma'auni ɗaya, amma faifan kwamfutarka ba ya buƙatar haka.

Malam Hamadu (Garwa):
Na gwada tsayar da bidiyon kamar yadda ka ce, kuma ko a tsaye rubutun bai fito ba. Sai na mayar da layi na biyu 1366x768, na ɗauki minti ɗaya na gwaji. An samu sauƙi sosai, amma da na duba bayanan fayil ɗin sai na ga 1364x768, kuma layukan teburin na tsaye wasu sun fi wasu kauri. Wannan kuma daga ina?

Injiniya Usmanu (Ngaundere):
Madalla da ka lura, Malam. OBS yana rage faɗin bidiyon da zai fitar zuwa lambar da 4 ke iya rabawa, 1366 kuwa ba ta rabuwa da 4, shi ya sa ta koma 1364. Fiksel biyu ne kawai, amma saboda su sai an ɗan matse hoton gaba ɗaya, abin da ka gani a layukan ke nan. Ka rubuta 1364x768 da hannunka a layukan biyu duka. Daga nan ka danna `Display Capture` ɗinka a babban allon OBS ka latsa `Ctrl+R`, wanda zai mayar da shi girmansa na asali a kusurwar hagu ta sama, sai fiksel biyun gefen dama su faɗa waje, kuma babu abin da ke wurin in ban da bakin allo. Kada ka latsa `Ctrl+F`, domin shi zai sake matse hoton ne ya shigar da shi cikin filin.

Sai batun inganci. Ka mayar da `Output Mode` zuwa `Advanced`, ka shiga shafin `Recording`, ka zaɓi `x264` a matsayin enkoda, a `Rate Control` kuma ka zaɓi `CRF` ka sa 20. A nan ba adadin kilobit kake faɗa masa ba, matakin kyan hoto kake faɗa masa, shi kuma ya kashe abin da kowane sashe yake buƙata: kusan babu komai idan allon yana tsaye, da yawa idan ka buɗe sabuwar taga ko ka gangara da shafi. Ma'aunin yana tafiya daga 0 zuwa 51, ƙaramar lamba ita ce mafi kyau kuma mafi nauyi, kuma a ƙiyasi duk ragin 6 yana ninka nauyin fayil. Firem 30 a daƙiƙa ya ishe ka, `CPU Usage Preset` kuma ka bar shi a `veryfast`. Wanda ba ya son shiga `Advanced` zai iya zama a `Simple` ya zaɓi `High Quality, Medium File Size`, shi ma a kan wannan tsari na inganci yake aiki, kuma da zarar ka bar `Same as stream` za ka samu maɓallin dakatar da ɗauka, wanda a da ba ka da shi.

Alhaji Mahamat (Njamena):
Ku yi haƙuri in shigo da tawa, ko da yake ba ita aka tambaya ba. Ni lissafin kamfanin sufuri nake koya wa ma'aikatana ta irin wannan hanya, a kwamfutar tebur da ba ta da batir. Makon jiya ina cikin ɗaukar darasi mai tsawo, na kai kusan ƙarshe, wuta ta ɗauke. Da ta dawo na tarar da fayil ɗin `mp4` yana nan da nauyinsa, fiye da megabayit 700, amma VLC ya ƙi buɗe shi, wayata ma ta ƙi. Yaron da ke yi mana gyara ya ce bairos ne. Shin akwai yadda za a ceto shi?

Injiniya Usmanu (Ngaundere):
Ranka ya daɗe Alhaji, ba bairos ba ne, kuma tambayarka ta shafi Malam Hamadu kai tsaye tunda shi ma `mp4` ya zaɓa. Fayil ɗin `mp4` na gargajiya yana da wani sashe da ake kira `moov`, wanda shi ne jadawalin da ke nuna inda kowane firem yake da lokacin da za a nuna shi, kuma ba a rubuta wannan sashe sai a lokacin da aka danna tsayar da ɗauka. Wuta ta ɗauke kafin a rubuta shi, saboda haka hotunan da sautin suna cikin fayil ɗin amma babu jadawalin da mai kunnawa zai bi. Idan ka ba manhajar sarrafa bidiyo ta ffmpeg fayil ɗin zai ce maka `moov atom not found`. Akwai wata ƙaramar manhaja mai suna untrunc da ke ƙoƙarin sake gina jadawalin ta hanyar kwaikwayon wani lafiyayyen fayil da aka ɗauka da saiti iri ɗaya. Wani lokaci tana dacewa, wani lokaci sauti da hoto su fito a rarrabe, don haka ka kwafi fayil ɗin ka ajiye kafin a gwada, kada kuma ka canza saitinka sai ka ɗauki ɗan gajeren bidiyo da shi domin ya zama abin kwaikwayo.

Nan gaba ku duka ku riƙa ɗauka da `mkv`. Shi yana rubuta abin da ya ɗauka ne gutsure-gutsure yayin da ake tafiya, idan aka yanke shi sai dai a rasa 'yan daƙiƙun ƙarshe. Bayan an gama sai a shiga `File`, a zaɓi `Remux Recordings`, a mayar da shi `mp4`. Wannan ba sake matse bidiyo ba ne, mazubin kawai ake canzawa, shi ya sa yake gamawa cikin daƙiƙu kuma hoton ba ya raguwa ko kaɗan. Da ffmpeg ma haka ne:

```
ffmpeg -i darasi.mkv -c copy darasi.mp4
```

Wanda yake da OBS 30.2 ko wanda ya biyo bayansa zai ga `Hybrid MP4` a jerin, wanda aka yi shi domin wannan matsala: yana jure yankewa, idan kuma aka tsayar da shi lafiya sai ya zama `mp4` na yau da kullum.

Bashiru (Kusiri):
Yaya Usmanu, na yarda da batun `CBR`, amma ban gamsu da `x264` a kan wannan laftof ba. Tsohuwar i5 ta laftof galibi ƙwayoyi biyu gare ta, ga Excel a buɗe, ga zafin Garwa a watan Afrilu. Ni na ga yadda irin waɗannan injuna suke rage gudu idan sun yi zafi. Me zai hana ya yi amfani da `QuickSync H.264`, tunda yana cikin furosesar Intel ɗin kuma aikin ba zai hau kanta ba?

Injiniya Usmanu (Ngaundere):
Wannan magana ce mai kyau, ƙanena, kuma injin ne zai raba mu. Malam Hamadu ya buɗe `View`, ya zaɓi `Stats`, ya bar tagar a gefe ya yi ɗaukar gwaji ta minti goma, yana gangarawa da shafi yana buɗe tagogi kamar yadda zai yi a darasi. Idan `Skipped frames due to encoding lag` ya tsaya a sifili, `x264` ya ishe shi, kuma na fi son sa domin a kyan hoto ɗaya yakan ba da fayil mafi ƙanƙanta fiye da enkodan tsofaffin furosesoshin Intel. Idan lambar tana hawa, ko ya ga `Encoding overloaded` a ƙasan taga, to ya koma `QuickSync H.264` ya zaɓi `ICQ` ko `CQP` da lamba wajen 20 zuwa 22. Alamar wannan matsala a bidiyon da aka gama ita ce murya tana tafiya daidai amma kibiyar linzami tana tsalle daga wuri zuwa wuri. Mai katin NVIDIA kuma `NVENC` zai zaɓa da `CQP`. Gwajin minti ɗaya ba ya nuna komai a nan, domin injin bai kai ga yin zafi ba.

Malama Zainabu (Marwa):
Ina so in ƙara abin da na gani a wurin nawa ɗaliban, domin duk wannan gyara zai iya lalacewa a mataki na ƙarshe. Idan ka tura bidiyo a WhatsApp ta hanyar hotuna da bidiyo, manhajar tana sake matse shi, rubutun da ka sha wahala a kansa ya koma yadda yake a da. Ka tura shi a matsayin `Document`, zai isa yadda ka fitar da shi. Na biyu, allon waya bai kai tafin hannu biyu ba, kuma babu saitin enkoda da zai sa ƙaramin rubutu ya girma. Ni kafin in fara ɗauka nakan kai girman shafin Excel zuwa kashi 150 cikin ɗari, in rufe duk abin da ba na buƙata a allo. Akwai kuma abin da ya daɗe yana damuna: lambobin da na sa wa jan launi, kamar bashin da ake bin shago, kullum sun fi baƙaƙen dishi-dishi, ko da sauran shafin ya fito tas.

Injiniya Usmanu (Ngaundere):
Malama, wannan daga `NV12` ne, wanda za ki gani a `Advanced` gaban `Color Format`. A wannan tsari ana adana hasken kowane fiksel, amma launi ana adana guda ɗaya ne ga kowane fiksel huɗu, biyu a tsaye biyu a kwance. Baƙin rubutu a kan fari bambancin haske ne zalla, shi ya sa yake tsira, jan siriri kuwa rabin bayaninsa a launi yake. Akwai `I444` da ke adana launin duka, amma ban ba ki shawarar sa ba, domin wayoyi da yawa ba sa iya kunna H.264 irin wannan, YouTube ma zai mayar da shi tsarin farko idan kin ɗora. Ki sa jan ya zama mai duhu, ki kaurara lambobin, ya fi sauƙi.

Malam Hamadu (Garwa):
Allah ya saka da alheri. Na sake ɗaukar darasin da 1364x768, `x264`, `CRF` 20, firem 30, `mkv`, shafin kuma a kashi 150. Tagar `Stats` ba ta nuna an tsallake firem ko ɗaya ba, ko da yake da safe na yi kafin rana ta yi zafi. Fayil ɗin ya fito megabayit 41, kuma ɗalibin da ya yi ƙorafi ya karanta mini lambobin layi na 14 daga wayarsa ba tare da kuskure ba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne megabayit 14 daga ciki na sauti ne.

Malama Zainabu (Marwa):
Haka ne, idan hoto ya sauka sai sauti ya fito fili. Muryar mutum ɗaya ba ta buƙatar 160. Ni nakan ajiye na asali, in fitar da na rabawa da wannan umarni, sautin minti 12 ya koma ƙasa da megabayit 6:

```
ffmpeg -i darasi.mkv -c:v libx264 -crf 26 -preset slow -c:a aac -b:a 64k -ac 1 -movflags +faststart rabawa.mp4
```

Ina kuma ganin lokaci ya yi da za mu koma tsarin matse bidiyo na H.265 a kwafin rabawa, tunda yana rage nauyi fiye da haka, kuma wayoyin da ɗalibaina suke riƙewa yanzu suna buɗe shi.

Alhaji Mahamat (Njamena):
Malama, a nan ban bi ki ba. An taɓa turo mini bidiyo irin wannan, ya buɗe a wayata amma a kwamfutar ofis sai Windows ya ce in sayi wani ƙari kafin ya nuna hoto, murya kaɗai ke fita. Direbobina kuma wasunsu wayoyinsu sun kai shekara bakwai. Gara mini ƙarin megabayit goma da a yi ta kirana ana cewa bidiyo ya ƙi.

Malama Zainabu (Marwa):
Alhaji, VLC yana buɗe shi kyauta a kwamfuta. Amma na ji batun tsofaffin wayoyin. Zan fitar da darasin gobe iri biyu in tura wa ajin duka, in ga mutum nawa ne za su ce na H.265 ya ƙi.

Malam Hamadu (Garwa):
Injiniya, saura tambaya ɗaya. Darasi na gaba a kan zanen jadawali ne, kuma ina so in sa fuskata a ƙaramin akwati a kusurwa da kyamarar laftof. Shin `CRF` 20 ɗin zai ci gaba da ba ni ƙaramin fayil?

Injiniya Usmanu (Ngaundere):
Zai ƙaru, Malam, wataƙila sosai. Kyamarar laftof a ɗaki marar haske tana cika hoto da ɗige-ɗigen da ke canzawa a kowane firem, enkoda kuma yana ɗaukar su a matsayin motsi ya yi ta kashe musu kilobit, ko da kai ba ka motsa ba. Ka zauna kana fuskantar taga, ka ƙanƙanta akwatin, ka ɗauki minti biyu da kyamara da minti biyu babu ita, sai ka kawo mana nauyin kowanne.